Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kemis: Kada Ku Raba Magani Da Lambarsa

Zuwa ga shugabanni da 'ya'yan ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED, musamman na Kano da na garuruwan da ke sarin magani daga Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku fatan Allah Ya sa albarka a kasuwa. Ni ma'aikacin harhaɗa magunguna ne, aikina karɓar magani a sito, in duba shi, in miƙa wa majinyata. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi mai saye kamar yadda ta shafi mai sayarwa, kuma ina so shi ma ya ji abin da nake roƙonku, domin gobe idan ya tsaya a gaban kantarku yana juya kwali yana karantawa, kada ku ɗauka raini ne.

Kowa ya san idan yaro ya kwana da zazzaɓi a unguwa ko a ƙauye, ba asibiti ake fara zuwa ba, wurinku ake fara zuwa. Ku ne a kusa, ku ne a buɗe da dare, ku ne kuke ba da bashi. Wannan ya sa ku ne mutane na ƙarshe da ke ganin magani cikin cikakken kwalinsa kafin ya shiga cikin mutum. Uwar da ta karɓi ƙwaya huɗu a ƙulle cikin leda ba ta da abin da za ta duba. Kai da ka buɗe katan ɗin, kai kake da komai a gabanka: sunan kamfani, lambar rajista, lambar zubi, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi. Roƙona guda ɗaya ne, duk sauran bayanin wasiƙar nan a kansa yake: ku duba waɗannan lambobi ranar da kaya suka shigo, ku rubuta su, kuma kada ku bar magani ya fita daga shagonku ba tare da su ba.

Bari in fara da lambar zubi, domin ita aka fi wulaƙantawa. Kamfani ba ya yin magani ƙwaya-ƙwaya. Yana haɗa sinadarai a lokaci guda, a injin guda, ya fitar da dubban kwalaye, sai ya ba wannan zubin lamba ɗaya. Ita ce kuke gani a gefen kwali bayan an rubuta Batch No. ko B/N ko Lot. Duk kwalin da ke ɗauke da lambar nan, daga tukunya ɗaya ya fito. Idan an yi kuskure a haɗin, dukkansu ya shafa, idan kuma hukuma ta gano kuskuren, da wannan lambar za ta yi shela a janye su daga kasuwa.

Manyan cikinku ba su manta da My Pikin ba. A ƙarshen shekarar 2008 aka fara kai ƙananan yara asibitoci a Legas da Zariya da wasu garuruwa, suna zazzaɓi da amai da gudawa, daga baya fitsari ya ɗauke musu gaba ɗaya saboda ƙoda ta daina aiki. Da aka bi diddigi sai aka tarar an ba su wannan maganin ruwa na fitar haƙori, kuma a cikinsa akwai dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu mai zaƙi-zaƙi da ke kashe ƙoda. Yara 84 gwamnati ta ce sun rasu. Zubin da aka yi shari'a a kansa lambarsa 02008, kuma a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Kafin wannan, a 1990, irin wannan guba a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan. A 2022 ta sake ɓulla a Gambiya, yara wajen 70 suka tafi.

Abin lura a maganar My Pikin shi ne, ba a ɓoye aka yi shi ba. Kamfani ne sananne a Legas, kwalba da kwali nasa ne na gaskiya. Da mai kemis ya shekara yana juya kwalin nan, ba zai ga guba ba, domin ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. Abin da ke hannun mai shago a irin wannan hali shi ne, da zarar an yi shela, ya san ko yana da wannan kayan a kanta, ya san daga wa ya saro, ya san wa ya sayar wa. Wanda ya rubuta lamba zai iya aika yaro gidan Malam wane ya ce kada a ƙara ba jaririn cokali ɗaya. Wanda bai rubuta ba sai dai ya ji labari daga baya.

Shi ya sa nake so mu rarrabe abu biyu. Akwai jabu, wanda aka yi da gangan don yaudara: an kwaikwayi kwalin wani kamfani, an zuba alli ko garin sitaci, ko an sa ɗan sinadarin kaɗan. Akwai kuma maras inganci, wanda kamfanin gaskiya ya yi amma bai kai mizani ba, ko ya fito lafiya sai zafi da laima suka lalata shi a hanya ko a shago. Duba kwali yakan kama jabu da yawa. Maras inganci kuwa, mafi yawan lokaci sanin inda ka saro da yadda aka ajiye shi da lambar zubinsa ne kaɗai kariyarka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ɗaya cikin kowane magani goma ko dai jabu ne ko maras inganci. Ka ƙirga irin magungunan da ke kan kantarka, ka yi lissafin da kanka.

Yanzu bari mu buɗe katan tare, yadda nake so kowane yaron shago ya iya. A ce damina ta kama, ka saro maganin zazzaɓin cizon sauro, haɗin atimita da lumefantirin mai ƙarfin 20/120, na manya, mai ƙwaya 24 a kwali. Lambobin da zan ambata a nan misali ne kawai.

Kafin ka yanka salatif, karanta takardar da ke jikin babban katan. A ce an rubuta lambar zubi K417, an yi shi a 03/2025, wa'adinsa zai ƙare a 02/2027. Riƙe waɗannan uku a ranka. Buɗe katan ɗin, kada ka ɗauki kwalin da ke sama kawai, domin mai ha'inci ya san na sama ake dubawa. Zaro ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga can ƙasa. Duk ukun su ce K417, da ranakun nan guda biyu. Sannan buɗe kwalin ka fito da katin ƙwayoyin, ka duba bakinsa inda aka buga ko aka danna lamba a jikin gwangwanin. Nan ma K417 ya kamata ka gani. Idan kwali ya ce K417 amma kati ya ce K471, ko kwali ya ce 2027 kati ya ce 2025, to ka tsaya nan. Kamfanin gaskiya yana buga lambar kati da ta kwali a layin aiki ɗaya, ba sa saɓawa. Saɓaninsu yana nufin ko dai an cusa tsohon kati cikin sabon kwali, ko an buga kwalin a wani wuri daban.

Sai ka dubi tazarar da ke tsakanin ranar yi da ranar ƙarewa. Wannan haɗin na atimita galibi shekara biyu yake yi, wasu kamfanoni suna da izinin uku. Idan ka ga an yi shi a 2025 an ce zai kai 2030, akwai magana. Shafa yatsanka a kan wurin da aka buga ranar. Ka ji ko an manna wata 'yar takarda a kai, ka duba ko wurin ya yi haske ko ya ɗan kuje kamar an goge da sinadari an sake bugawa, ko lambar shekara ta fi 'yan uwanta baƙi ko kauri. Maganin da ya gama wa'adi aka sake masa rana yana cikin abin da aka fi kamawa a kasuwanninmu, kuma da wannan shafawar ake gane da yawansa.

Daga nan sai lambar rajistar NAFDAC. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna ganin an rubuta NAFDAC Reg. No. da wasu lambobi kamar masu farawa da A4 ko B4 ko 04, sai hankalinsu ya kwanta. Ai wanda ya iya buga kwali gaba ɗaya, buga lamba shida ba zai gagare shi ba. Amfanin lambar shi ne a bincika ta. Hukumar tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista, ana shiga ta waya a greenbook.nafdac.gov.ng, kuma akwai manhajarsa. Ka rubuta lambar, ka karanta abin da ya fito: sunan maganin, ƙarfinsa, ƙwaya ne ko ruwa, da kamfanin da ya yi rajistar. Idan kwalin hannunka maganin zazzaɓi ne amma lambar ta fito da sunan maganin tsutsar ciki, an sato lambar ne. Idan suna ya dace amma ƙarfi ko kamfani bai dace ba, shi ma ka ajiye shi gefe. Idan babu abin da ya fito, kada ka yanke hukunci da kanka, amma kuma kada ka sayar sai ka tambayi ofishin hukumar.

Sannan wurin kankarewa. Tun 2010 NAFDAC ta fito da tsarin da ake kankare wani ɗan fili mai ruwan azurfa a jikin kwali, a tura lambar da ke ƙarƙashi ta saƙon tes kyauta, kuma ta fi matsawa a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Gajeriyar lambar da ake turawa tana rubuce a jikin kwalin, kamar 38353 ko 38351 ko 1393, gwargwadon kamfanin da ke kula da tsarin. Ka sadaukar da kwali ɗaya daga katan ɗin ka kankare. Idan amsa ta zo, kada ka tsaya a kalmar farko, karanta ta har ƙarshe ka ga ko sunan maganin da ta ambata shi ne na hannunka. Kowace lamba ta kwali ɗaya ce, sau ɗaya ake amfani da ita. Idan amsar ta ce an riga an yi amfani da lambar alhali kai ka fara kankarewa, to kwafarta aka yi. Idan kuma ka ga an ce a tura zuwa cikakkiyar lambar wayar wani mutum mai lamba goma sha ɗaya, ka yi hattara, domin mai jabu yana iya amsa maka da kansa. Sauran kwalayen ka bar su a rufe, mai saye ya kankare nasa a gabanka. Wanda ya karɓi kwalin da aka riga aka kankare, an ƙwace masa hanyar bincikensa.

Na ƙarshe, dubi ƙwayar kanta, ka ɗora kwalin kusa da wanda ya rage maka daga sarin baya wanda ka amince da shi. Ƙwayoyin atimita da lumefantirin rawaya ne. Su zama kala ɗaya, girma ɗaya, ba ɗigo-ɗigo, ba gari a cikin aljihun katin, ba wadda ta kumbura ko ta tsage. Dubi kalar kwali, kaurin takardar, yadda aka manne bakinsa, da takardar bayani da ke ciki. Karanta adireshin kamfanin. Na gaskiya yana da gari da titi ko unguwar masana'antu, ba sunan ƙasa kawai ba. Duk wannan aikin, ga wanda ya saba, bai wuce minti goma ba a kan katan guda.

Kuma akwai abin da ya fi duk waɗannan saurin tona asiri, wato farashi. Ku 'yan kasuwa ne, kun fi ni sanin kuɗin kowane kwali a hannun wakilin kamfani. Idan wani ya zo da jaka a bayan babur ya ce zai ba ka a rabin wannan kuɗin, ba rasit, ka tambayi kanka a ina ya samu rangwamen da wakilin kamfanin kansa bai samu ba. Ko na sata ne, ko ya gama wa'adi, ko na gwamnati ne da aka goge masa rubutun hana sayarwa, ko kuwa babu komai a cikinsa.

Na zaɓi maganin zazzaɓi ne saboda shi aka fi yi wa jabu, kuma shi ne jabunsa ke kisa ba tare da an zargi kowa ba. A 2012 jami'an kwastan na Angola sun kama fakiti miliyan 1.4 na jabun maganin zazzaɓi mai suna Coartem a Luwanda, an ɓoye su cikin lasifikoki, kuma gwaji ya nuna babu sinadarin maganin a ciki. Yaron da ya sha irin wannan ba guba ya sha ba, babu komai ya sha. Kwana biyu, kwana uku, iyaye suna ganin ana kan magani, ƙwayoyin cutar kuwa suna ninkuwa a jininsa. Sai ya fara jijjiga ko jininsa ya ƙone, a kai shi asibiti a makare. Idan ya rasu a ce zazzaɓi ne mai zafi, babu mai komawa kan kwalin. Wanda aka sa wa sinadarin kaɗan shi ma da nasa sharrin, domin yana kashe raunanan ƙwayoyin cutar ya bar masu taurin kai, har a wayi gari maganin gaskiyar ma ya daina ci.

Kada tambari ya ruɗe ku. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun ƙwayoyin kwinin da aka samu a Chadi da Kamaru da Najeriya, cikin robobi masu ƙwaya dubu. A jikinsu akwai wani tsohon tambarin wani shirin hukumar da ta daina amfani da shi, rubutun yana da kurakurai, kamfanonin da aka ambata sun ce ba su suka yi ba, gwaji kuma ya nuna babu kwinin a ciki. A 2023 kuma aka samu maganin tari na yara mai suna Naturcold a Kamaru, wanda aka tarar da dayetilin gilaikol a cikinsa har kashi 28.6 cikin ɗari, alhali abin da aka yarda da shi bai wuce kashi 0.10 ba. A kwalinsa an rubuta sunan wani kamfani da aka ce na Ingila ne, hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce babu wannan kamfanin a ƙasarta. Tsakaninmu da Kamaru da Chadi da Nijar kasuwa ɗaya ce, kayan da suka sauka a wannan gefe suna kwana a wancan. Abin da ya ɓulla a Marwa ko Maraɗi, mai kemis na Mubi ko Jibiya ya ɗauka a ƙofarsa yake.

Yanzu in zo kan maganar da na san ba za ta yi wa wasunku daɗi ba, wato yankan kati da haɗi. Na san halin da ake ciki. Mutum ya zo da kuɗin da ba su kai na kati ɗaya ba, ya ce a ba shi na iya kuɗinsa, kuma idan ka hana shi zai tsallaka titi wani ya ba shi. Amma ku dubi abin da almakashi yake yi. Lambar zubi da ranar ƙarewa a baki ɗaya na katin suke. Ka yanke wannan bakin ka ba mutum na farko, ragowar ƙwaya takwas sun zama marayu, ba mai iya cewa daga ina suka fito ko yaushe za su mutu, har kai kanka bayan wata biyu. Haɗi kuwa ya fi muni. An ɓare ja da fari da rawaya an ƙulle a leda, ba suna, ba lamba. Idan mutumin ya kumbura ko ya suma aka kawo mana shi asibiti, muka tambayi me ya sha, sai a miƙo mana leda. Da me za mu yi aiki?

Ƙa'idar lasisinku ita ce a sayar da magani cikin ainihin mazubinsa na kamfani. A kan maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, ina roƙonku da girman Allah kada ku yanka. Babban mutum ƙwaya 24 yake buƙata na mai ƙarfin 20/120, huɗu-huɗu sau shida cikin kwana uku. Yaro mai nauyin kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya shida, daga 15 zuwa ƙasa da 25 sha biyu, daga 25 zuwa ƙasa da 35 sha takwas. Wanda ka ba rabi, ko da maganin na gaskiya ne, ka mayar masa da shi maras inganci da hannunka. A kan irin su farasitamol kuwa, idan yankan ya zama dole, ku fara daga bakin da babu lamba, ku bar mai lambar ya zama na ƙarshen fita, ku ajiye kwalin har katin ya ƙare, ku rubuta suna da lamba da ranar ƙarewa a jikin ambulan da za ku ba mutum.

Sai littafi. Ba na'ura nake nufi ba, littafin makaranta mai kauri ya isa. A kowane layi: ranar da kaya suka shigo, sunan magani da ƙarfinsa, kamfani, lambar zubi, ranar ƙarewa, yawa, da sunan wanda ya sayar maka da lambar rasit ɗinsa. Ka nemi ɗan sari ya rubuta lambar zubi a rasit. Wanda kayansa ke da tsabta ba zai ƙi ba. Ranar da NAFDAC ta fitar da sanarwar janye wani zubi, ka buɗe littafi, cikin minti biyu ka san matsayinka. Ranar da jami'ai suka tarar da jabu a shagonka kuma, wannan littafin ne zai nuna kai ma yaudararka aka yi, ya nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wanda ba shi da rasit, a gaban doka shi ne mai kayan. Dokar jabun magunguna ta ƙasa ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ko tara ga mai sayar da jabu, ta kuma haramta tallar magani a kasuwa da tasha da bakin titi da cikin mota.

Na san raunin da Fabrairun 2024 ya bari a Kano, lokacin da NAFDAC da hukumar PCN mai kula da lasisin masu sayar da magani suka rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari, aka ce masu sari su koma cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. Mutane sun yi asara, wasu sun koka da kuɗin shago da nisa, kuma ba na raina kukansu. Amma a matsayina na mai karɓar magani, ina ganin hikimar a tattara sari a wuri guda da jami'ai ke ciki, inda kowane katan ke da takarda. Ku saro daga nan, ko daga wakilin kamfani, ko daga ɗan sarin da ke da rajistar PCN, kuma ku nemi ganin rajistar. Naku lasisin ma, na wannan shekarar, ku rataye shi inda mai shigowa zai gani, ba a cikin durowa ba. Da shi ne talaka zai bambance ku da mai tura baro da ke yawo da magani a tsakar ranar bazara.

Maganar rana ba ƙarama ba ce. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu 25. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura 40 a inuwa, shagon kwano ko kwantena kuwa ya fi haka. Ku sa silin, ku buɗe wa iska hanya, ku ɗauke magani daga jikin bangon da rana ke duka da kuma gilashin ƙofa, ku rataye ma'aunin zafi. Akwai kuma waɗanda sam ba na kantarku ba ne. Allurar okzitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, firji take buƙata, digiri 2 zuwa 8. A wani bincike da aka yi tare da NAFDAC a 2016, kusan uku cikin huɗu na samfuran wannan allura da aka gwada a Najeriya sun faɗi. Kwalbar da ta sha zafi ba ta canza kama ba, lambarta daidai, wa'adinta da saura, amma ƙarfinta ya tafi, kuma a kan mace mai zubar jini za a gane hakan. Irin wannan, da insulin, da allurar rigakafi, da maganin saran maciji, ku tura mutum famasi mai rajista, inda akwai masanin magani da firji mai aiki. Lasisin kemis bai ba da izinin allura ba, kuma cewa "ba ni da shi, je famasi" ba ya rage wa kowa daraja.

Idan kuka yi karo da abin da kuke shakka, kada ku mayar wa wanda ya kawo a shiru ku karɓi kuɗinku. Zai kai shi ƙauye ne, inda ba mai dubawa. Ku ware shi, ku ɗauki hoton kwali da kati da rasit, ku riƙe samfuri, ku kai rahoto ofishin NAFDAC na jiharku ko ku kira 0800-162-3322, ko ta manhajar Med Safety. Haka kuma idan mutum biyu ko uku suka dawo suna cewa maganin bai yi musu aiki ba, ko ya ba su wata illa, ku duba littafi ku ga ko zubi ɗaya suka sha. Yaron da ya sha maganin ruwa fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, a kai shi asibiti a ranar, da kwalbar a hannu.

Ku kuma shugabanni, akwai abin da ku kaɗai za ku iya. Sanarwar janye magani da Turanci take fitowa, a shafin hukuma, kuma mai kemis na ƙauye ba ya ganinta. Ku naɗa mutum ɗaya a kowace jiha da zai riƙa ɗauko ta, ya karanta sunan maganin da lambar zubi da Hausa a saƙon murya, ya haɗa da hoton kwalin, a tura wa kowane reshe a ranar. Ku sa duba littafin lambobi cikin ziyarar da kuke kai wa 'ya'yan ƙungiya, ku sa buɗe katan cikin abin da yaron shago zai iya kafin a yaye shi. Ku tsaya bayan ɗan ƙungiyar da ya kai rahoto, domin tsoron a rufe masa shago ko 'yan sari su juya masa baya shi ke sa da yawa yin shiru. Kuma ku gaya wa kowa a taronku na gaba cewa mai saye yana da haƙƙin ya ga kwali, ya gwada lambarsa da ta kati, ya kankare, ya tura saƙo, ya jira amsa kafin ya biya.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin harhaɗa magunguna,
Kano.